Bashin jirgin Abuja zuwa Kaduna: shekara bakwai na sassauci ba kyauta ba ne

Wani mai karatu daga Rigasa ya rubuto cewa ƙungiyar unguwarsu ta ɗora masa ya yi wa jama'a bayanin bashin da aka gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da shi. Yana so ya san ko gaskiya ne an yi shekara bakwai ba a biyan ko kwabo.

Malam, ba haka ba ne, kuma don Allah kada ka faɗa wa mutane haka. A Disamban 2010 Najeriya ta sa hannu da bankin Exim na ƙasar Sin kan dala miliyan 500, ruwa kashi 2.5 cikin ɗari a shekara, wa'adi shekara 20, bakwai na farko na sassauci. Uwar kuɗi kawai ake ɗaga maka ƙafa a kanta a waɗannan shekarun. Ruwa kuwa yana hawa kan duk abin da aka riga aka karɓa. In an karɓi kuɗin duka, ruwan shekara guda ya kai dala miliyan 12.5. Sannan bakwai ɗin a cikin ashirin ɗin suke, don haka shekara 13 suka rage a mayar da uwar kuɗin, wajen dala miliyan 38 duk shekara in an raba daidai, ga ruwa a kai, yana raguwa a hankali.

Ruwan da sauƙi, ban musa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da dala ake biya. A 2010 dala tana wajen naira 150, a 2024 ta haura 1,500. Fasinjan da ya yanki tikiti a tashar Rigasa naira yake miƙawa, ita za a canja a biya. Wannan ka fara gaya wa mutanenka.

Za su kuma tambaye ka ko an jinginar da ƙasa. Irin waɗannan yarjejeniyoyi kan ɗauki sharaɗin cewa in rigima ta taso, gwamnati ba za ta fake da kasancewarta ƙasa mai 'yanci ta ƙi zuwa gaban masu sulhu ba. Wannan daban, ba da wata kadara jingina daban, kuma sai ka karanta takardar kanta za ka rabe su.

Kana da damar nemanta. Rubuta wa ofishin kula da basussuka, wato DMO, ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ka nemi kwafin yarjejeniyar da jadawalin biya. Ka tabbata an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka, domin daga ranar kwana bakwai doka ta ba su. In sun hana ko sun yi shiru, kana da kwana 30 ka kai ƙara babbar kotu.