Tambaya da amsa: yadda ake tambayar sharuɗɗa da albashi ba tare da an zubar da kai ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga sanarwar neman mai kula da lissafin kuɗi a wani kamfani a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Sun ce HND ko digiri da ƙwarewar shekara biyu, amma ba su faɗi albashi ba. Ina da HND, na gama bautar ƙasa, shekara ɗaya na yi ina riƙe wa wani shago lissafi. A Rigasa nake zaune. Ina so in tambaye su ko na cancanta, da nawa suke biya, da yadda zan tura takarduna, amma ina tsoron kada a ɗauke ni mara natsuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka rubuta musu komai, koma ka karanta sanarwar sau biyu da biro a hannu. Fitar da sunan gurbin, ranar rufewa, adireshin da za a tura takardu, da abin da aka ce a rubuta a kan saƙon. Duk abin da ka samu a ciki ya fita daga jerin tambayoyinka. Abin da ya fi zubar da mai neman aiki a idon ma'aikacin da ke tace takardu shi ne ya tambayi abin da ke rubuce ƙarara. Wanda ke neman a damƙa masa lissafin kuɗi, ya kasa ganin ranar rufewa a layi na uku, ai ya riga ya faɗi jarrabawar farko. Haka ma saƙon "ina sha'awa" ko "ƙarin bayani" tsurarsa: ba wanda zai zauna ya amsa shi.

Maganar shekara biyu kuwa, kada ka tambaye su "ko na cancanta?" Mai amsawa bai san ka ba, kuma mafi sauƙin amsa a wurinsa ita ce a'a. Faɗa masa abin da kake da shi, ka yi tambayar da za a amsa da kalma ɗaya. Idan a shekarar bautar ƙasa ofishin kuɗi aka tura ka, wannan ma ƙwarewa ce, ka haɗa ta da shekarar shago. Idan koyarwa ka yi, kada ka ƙirga ta, domin za a gano a wurin ganawa. Ka lura kuma da lafazin sanarwar. Sharaɗin da aka ce dole ne, kamar takardar kammala bautar ƙasa, ba a cika sassauta shi ba. Wanda aka ce an fi so, ana iya ɗaga ƙafa a kansa. Yawan shekarun ƙwarewa, a ƙananan kamfanoni, sau da yawa yana cikin kashi na biyu, musamman ga wanda ya iya Excel da gaske.

Saƙon ya zama guda ɗaya, a lokacin aiki, da harshen da aka rubuta sanarwar. Ko ta WhatsApp ne, ban da saƙon murya, ban da yin sallama ka tsaya jiran a amsa kafin ka faɗi buƙatarka. Ga fasalinsa:

"Barka da aiki. Ina rubutu ne game da gurbin mai kula da lissafin kuɗi da kuka sanar. Ina da HND a fannin akanta, na kammala bautar ƙasa, kuma na yi shekara ɗaya ina riƙe littafin shige da ficen kuɗi a wani shago. Ko kuna duba takardun wanda ƙwarewarsa ba ta cika shekara biyu ba? Sannan don Allah, albashin gurbin daga nawa ne zuwa nawa, kuma kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Na gode."

Albashi ya zo ƙarshe, bayan ka nuna kai wane ne. Tambayarsa ba rashin kunya ba ce, sai dai idan shi ka fara da shi. Ka kuma nemi iyaka, daga kaza zuwa kaza, domin kamfanin da ba zai faɗi adadi guda a rubuce ba yakan yarda ya faɗi wannan. In suka ce sai an zo ganawa, ka karɓa, kada ka matsa.

Wancan rabin tambayar na kafin cirewa ko bayan cirewa shi ne inda mutane ke cutuwa. A ce sun amsa maka da naira 120,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ɗora aƙalla kashi 10 daga nasa, kuma ana lissafin ne a kan ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Idan duk kuɗin a waɗannan ukun aka raba shi, za a cire maka 9,600, saura 110,400, haraji bai ma shigo ba tukuna. To daga Rigasa zuwa Kakuri ba hawa ɗaya ba ne. Mu ƙaddara kuɗin mota zuwa da dawowa 1,500 ne a rana, kai ka sa farashin da ka sani. Idan ana aiki har Asabar, kwana 26 ke nan a wata, wato 39,000. Abin da zai rage 71,400, ba ka ci abincin rana ba. Shi ya sa tambayar ko ana aiki ranar Asabar, da ko akwai motar ma'aikata, take da nauyin tambayar albashin kansa. Amma ka ajiye ta sai ranar ganawa, kada saƙon farko ya cika da tambayoyi.

Kada kuma ka dogara da cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ƙaramin kamfani zai iya faɗa maka ƙasa da haka.

Wajen turawa, bi abin da suka ce harafi da harafi. Idan imel suka ce, kada ka tura ta WhatsApp. CV ta zama PDF, shafi ɗaya ko biyu, ba hoton da aka ɗauka da waya a kan katifa ba. Sa wa fayil ɗin cikakken sunanka, ka rubuta sunan gurbin a kan saƙon yadda suka rubuta shi, domin da shi ake tace saƙonni, kuma wanda ya bar wurin babu komai saƙonsa kan ɓace. Kada ka jira amsar tambayarka har ranar rufewa ta ƙarato. In kwana biyu suka wuce shiru, tura takardunka kawai.

Idan amsar da ta dawo ta ce ka biya kuɗin fom ko na ganawa a asusun wani mutum, ko ka turo BVN tun ba a gan ka ba, ka tsaya nan. Kakuri ba nisa gare ta ba, je ka duba ko akwai kamfanin a adireshin da suka bayar. In kuma an ɗauke ka, adadin da aka faɗa maka da baki ya fito a takardar ɗaukar aiki, tare da tsawon lokacin gwaji da abin da za a biya ka a cikinsa, domin wasu kan rage albashin watannin farko ba su faɗa ba sai ƙarshen wata.