Firam ɗin da kuɗi ke tashi sama

«Yaya zan zana firam ɗin da kuɗi ke barin Yamai zuwa Tawa a bidiyonmu na zane?»

Malama, don Allah kada ki zana takardun kuɗi suna tashi sama, mai kallo zai ɗauka kuɗin na iya ɓata a hanya. Raba allon biyu, daƙiƙa 5: a hagu wayar mai aikawa, 25.000 sefa ta koma 15.000, a dama wayar mahaifiyarsa, sifiri ya zama 10.000, a lokaci guda. Lissafi kawai ya sauya a na'urar kamfani.

Kuɗin aiki ki ba shi firam ɗinsa daban, a nan rigima ke tasowa gaban mai kiyos. Lambar sirri kuwa taurari kawai za a gani, yatsa ya rufe madannai.