Gyaran gashi da furfura a hoto

Tambaya: "Na goge gashin da ya mimmiƙe, na shafa baƙi a tushen furfura, sai kan ya koma kamar hular roba. Ina gyaran?"

Amsa: A Photoshop, fara da sabon Layer, ka ɗauki Spot Healing Brush, ka zaɓi Sample All Layers. Ƙanƙanta Spot Healing Brush, ya ɗan fi silin gashin kauri, ka bi shi har tushe. Daf da gefen kai kuwa Clone Stamp ya fi, don wancan yana dame launi. Bar 'yan silla kaɗan.

Furfura ba ta son baƙi tsantsa. Ɗebo launin gashin da ke kusa, ka shafa shi a wani sabon Layer, ka sa Layer ɗin a Multiply, Opacity wajen 30%, kana ƙarawa a hankali. Kiyaye fatar tsagar kai. Idan abin da ke bayan mutumin a hoton ganyaye ne ko zane, kai wa ƙwararre.