Kyamarar motata ta shafe bidiyon hatsari, za a iya dawo da shi?

Tambaya: Malam, ran Talata wata mota ta goge ni ta gudu. Yau Juma'a na duba kyamarar gaban motata, babu bidiyon. Katin memorin gigabait 32 ne. Akwai dabara? Daga wani direba a Zariya.

Amsa: Kafin komai, Malam, zare katin nan, kada ka sake kunna kyamarar da shi a ciki. Irin wannan kyamara tana yanka bidiyo guntu-guntu, na minti 1, 3 ko 5, idan kati ya cika sai ta share mafi tsufa ta ɗora sabo a gurbinsa.

Lissafin na awannin tuƙi ne, ba na kwanaki ba. Kyamarar da ke ɗauka a 1080p takan ci kusan gigabait 5 zuwa 6 a awa, wato katinka yana riƙe awa 5 ko 6 kawai. Idan tun Talata ka yi tuƙin da ya zarce haka, sabo ya riga ya hau kan tsohon, kuma abin da aka rubuta wani a kansa babu manhajar da ke dawo da shi. Duk mai gyaran da ya ce zai iya, kuɗinka yake so.

Amma kada ka fid da rai tukuna. Yawancin kyamarorin nan suna jin girgizar karo, sai su kulle guntun lokacin a wata folda daban da ba a sharewa. Sa katin a adaftarsa, wato babban gidan da ake zura ƙaramin kati a ciki, ka ja ɗan makullin gefe zuwa Lock, sannan ka sa a kwamfuta ka nemi folda mai suna EVENT, RO ko EMR. Ka bi hotunan da ido, domin agogon kyamara yakan rikice ya rubuta kwanan wata na ƙarya. Idan kwamfuta ta ce a yi Format, ka ƙi.

In babu, gwada manhajar PhotoRec, kyauta ce. Tana laluben abin da aka share amma ba a kai ga rubuta wani a kansa ba. Abin da ta tono ka adana a kwamfuta, ba a katin ba. Sai dai idan kyamararka mai gaba da baya ce, bidiyoyin biyu a cakuɗe ake rubuta su, don haka sukan fito a yayyage.

Wani lokacin kuma fayil ɗin yana nan, ya ƙi buɗewa ne kawai, saboda wuta ta yanke kafin kyamara ta rufe shi. Wannan yana gyaruwa: manhajar untrunc tana ɗinke shi idan ka ba ta wani lafiyayyen bidiyo daga kyamarar ta kwaikwaya. A kan kwafi za ka yi aikin, ka ajiye katin yadda yake ko 'yan sanda za su buƙace shi.