Takardata ta ce Admin Officer, tallar aikin ta ce Bookkeeper

"Salamu alaikum Yaya. Shekara huɗu nake aiki a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, muƙamina Admin Officer, amma ni ke riƙe da lissafin kuɗi. Na ga tallar aikin Bookkeeper a Kanada. Na dace, ko ɓata lokaci zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. A nan Kanada aikin da hannunka ya yi ake tambaya, sunan muƙami kuwa kowane kamfani da irin nasa. Gwamnati tana da kundin sana'o'i mai suna NOC, kowace sana'a da lambarta da jerin ayyukanta. Buɗe lamba 12200, ta masu riƙe littattafan kuɗi, ka ajiye ta gefen tallar, sannan ka rubuta abin da kake yi daga farkon wata zuwa ƙarshensa.

Ga inda maganar take. Kai ne kake daidaita lissafin kamfani da takardar banki a ƙarshen wata, ka gano inda kuɗi suka saɓa? Kai ne kake haɗa albashi, ka cire haraji da fansho, ka fitar da rahoton da maigida zai duba? In haka ne, ka dace, ko da Admin Officer aka rubuta maka. Amma in rasit kawai kake shigarwa a kwamfuta, wani akanta ne yake rufe littafi, to aikinka ya fi kusa da 14200, ta akawun kuɗi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ta farko tana mataki na 2 a ma'aunin TEER, wato ma'aunin ilimi da ƙwarewar da sana'a take buƙata, ta biyu tana na 4, shirin ƙwararrun ma'aikata na Express Entry, wato tsarin neman izinin zama na dindindin a Kanada, kuma daga 0 zuwa 3 yake karɓa. Mutane da yawa a nan suke yaudarar kansu, don sun taɓa kuɗi sai su ɗauka sun riƙe littafi.

Kada ka canza sunan muƙaminka a takardar neman aiki. Bar shi yadda yake, ka jera ayyukan lissafin a ƙarƙashinsa, su ne a sama, ka ambaci manhajar da kake aiki da ita. In tallar ta nemi QuickBooks kai kuma Excel ka sani, wannan giɓin koyo ne na makonni. Harajin Kanada shi ne zai fi cin lokacinka.

Sai ka roƙi kamfaninku wasiƙar shaidar aiki a takardarsu mai tambari, da ranar da ka fara, awannin aiki a mako, albashi, da ayyukanka dalla-dalla. Kada a kwafo jerin NOC kalma da kalma, jami'an shige da fice sun san shi. In kuma aka kama ƙarya a takardun shige da fice, haramcin shiga Kanada na shekara biyar ne.