Taubashina ya kira ni buhun masara, zan iya ramawa?

Tambaya: Malam, bayan sunan jaririna 'yan uwa suka yi ta tura hoton da aka ɗauke mu. Sai taubashina ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa haihuwa ta mayar da ni buhun masara, wasu suka yi dariya. Shi kuwa yana ɗingishi, shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana yaro. Na rubuta amsa a kan ƙafar tasa amma ban tura ba. Idan na tura ina da laifi?

Amsa: Allah Ya raya abin da aka samu. Malama, ki goge wannan amsar, ki rubuta wata.

Abin da ya yi miki haramun ne, ba ƙorafi ne ya yi miki yawa ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, da aibata juna, da jifan juna da munanan laƙabobi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha ta taɓa nuni da gajartar Nana Safiyya, sai Annabi (SAW) ya ce mata ta faɗi kalmar da, da za a gauraya ta da ruwan teku, da ta gurɓata shi. Gajartar kuwa gaskiya ce, ba ƙage ba. Saboda haka "ai da gaske ta yi ƙiba" ba uzuri ba ne. Taubasantaka ma al'ada ce mai daɗi, amma iyakarta inda ɗayan ya daina dariya. Sa hoto kuwa wata mas'ala ce dabam da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma ko wane ra'ayi aka bi, bai halatta masa mutuncinki ba.

Ramuwa tana da asali a shari'a. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana mummunar magana, kuma Muslim ya ruwaito cewa masu zagin juna biyu, zunubin yana kan wanda ya fara matuƙar wanda aka zalunta bai ƙetare iyaka ba. Imamu Nawawi ya yi bayanin iyakar: ba ƙarya, ba ƙazafi, ba taɓa iyaye. Ya ba da misalin abin da ya halatta da kalma irin "kai azzalumi". Ki lura, wannan kalmar halinsa ta taɓa. Taki amsar kuwa ƙafarsa ta nufa, kuma ba shi ya zaɓi shan inna ba. Duk mai ɗingishi a danginku da zai karanta, kin soke shi bai yi miki komai ba. A nan nake ganin kin ƙetare iyakar, shi ya sa ba zan ba ki fatawar halacci ba. Sannan wanda ya rama daidai da daidai ya karɓi haƙƙinsa ke nan, ya fita daga alkawarin aya ta 40 a Suratush Shura, cewa wanda ya yafe ya gyara, ladansa yana ga Allah.

Yafiya ba ta nufin ki yi gum ba. Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya zai tsinko asuwaki, iska ta yaye ƙwaurinsa, aka yi dariyar sirantarsu. Annabi (SAW) bai bar maganar ta wuce ba, bai kuma nemo aibin jikin masu dariyar ba. Cewa ya yi ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Imamu Ahmad ne ya ruwaito.

Ki fara da kashe wutar. Ki yi a'uziyya, in a tsaye kike ki zauna, ki ajiye wayar har ki kwana. Da safe ki karanta abin da kika rubuta. In har yanzu burinki ya ji zafi ne, fushin bai sauka ba, ki ƙara jira.

Tunda a gaban mutane ya faɗa, kina da damar amsawa a nan, sau ɗaya, a taƙaice: "Yaya, jikin nan ɗa ya ɗauka wata tara, alhamdu lillahi. Wannan wasan bai yi mini daɗi ba, a bar shi." Ba baƙar magana a ciki, ba kuma "Allah Ya isa". In ya dawo da "daga wasa?", kada ki biye masa. Ki kira shi ku biyu, ko ki kai wa babba a gida da zai iya tsawatar masa. Wannan ƙara ce ta halal, ba gulma ba. Yawo da maganar tasa wurin ƙawaye don a taru a zage shi, shi ne bai halatta ba.

In ya maimaita, kina iya goge rubutunsa ko ki toshe lambarsa, wannan kare kai ne. Sallama dai ki ci gaba da amsa masa idan kun haɗu, domin ɗan uwa ne, kuma ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku saboda ɓacin rai bai halatta ba.

Wallahu a'alam.