Motoci shida, takardar inshora ɗaya: wadda za ta biya da wadda ba za ta biya ba

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan burodi a Kano, da ƙananan motoci huɗu na rarraba kaya. Ina kuma da bas biyu da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Wudil. Wani wakili ya ce in haɗa su duka a inshora ɗaya, wai za ta fi sauƙi. Shin akwai riba a ciki, kuma me ya kamata in lura da shi kafin in biya?

Wa alaikumus salam Alhaji. Haɗa su a takarda ɗaya yana da amfani, amma amfanin ba a rangwamen kuɗi yake ba kamar yadda wakilai ke nunawa. Abin da za ka samu shi ne ranar sabuntawa ɗaya maimakon shida, mutum ɗaya da za ka kira idan wani abu ya faru, da kuma bakin magana wajen ciniki, tunda wanda ya kawo motoci shida ba a yi masa kallon wanda ya kawo ɗaya. Rangwamen kansa yana da iyaka. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade cewa kuɗin cikakkiyar inshorar mota kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, bayan an cire duk wani rangwame. Saboda haka wanda ya zo maka da kashi 2 ko 3, ka tsaya ka tambaye shi me ya zare daga ciki.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wajen rubuta aikin da motar ke yi. Kamfanin inshora ba sunan mota yake karewa ba, aikin da aka ce tana yi yake karewa. Motocinka shida aiki iri biyu suke yi, kuma dole jadawalin da ke jikin takardar ya nuna haka layi-layi. Huɗun nan na burodi suna ƙarƙashin rukunin motar da ke ɗaukar kayan mai ita. A farashin da aka sa a 2023, ƙaramar inshora ta dole, wadda ake kira tad-fati, naira 20,000 ce a shekara ga irin wannan mota, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 5. Amma ranar da direbanka ya gama rabon burodi da hantsi, ya ɗauko wa wani ɗan kasuwa katan-katan daga kasuwar Singa a kan kuɗi, motar ta fita daga wannan rukuni ta koma ta dakon kayan haya, wadda kuɗinta ya kai naira 100,000. Idan hatsari ya faru a wannan tafiyar, kamfani na da hujjar ƙin biyan gyaranka. Direbobi suna yin wannan fiye da yadda iyayen gidansu ke zato.

Bas ɗin ma haka. Akwai rukunin bas na ma'aikata, mai kai ma'aikatan kamfani wurin aiki ba tare da karɓar kuɗin mota ba, shi ma naira 20,000 ne. Wasu wakilai kan cusa bas ɗin haya a wannan rukuni don farashin ya yi daɗin ji. Takardar za ta wuce a shingen 'yan sanda lafiya lau, amma ranar da aka yi karo a hanyar Wudil aka ga mota cike da fasinjan da suka biya kuɗi, magana ta ƙare. Ka sa a rubuta ƙarara cewa bas ɗin na jigilar fasinja ne a kan kuɗi, a kuma rubuta yawan kujerunsa. Sannan ka tambaya a rubuce: nawa ake biya a kan kowane fasinja idan ya ji rauni ko ya rasu, kuma nawa ne iyakar abin da ake biya a hatsari guda? Idan an rubuta kujera 14 aka tarar da mutum 19 a ciki, lodin da ya wuce ƙa'ida shi ne abu na farko da za su kama.

Sai maganar daraja, wadda ita ce ke cin kuɗi. Mu ɗauka kowace motar burodi ta kai naira miliyan 9 a kasuwa yau, kowace bas kuma miliyan 14. Jimla miliyan 64 ke nan. Kashi 5 na wannan naira miliyan 3.2 ne a shekara, kuma wannan ƙasan farashi ne, bas ɗin haya kan haura haka saboda yawan zirga-zirgarsa. Ganin wannan adadi ne ke sa mutum ya ce a rubuta motar miliyan 9 a matsayin ta miliyan 6, ya rage naira 150,000 a kanta. To ga yadda lissafin ke juyawa. Motar ta daki wata daga baya, gyaran gaba ya kama naira miliyan 1.8. Injiniyan kamfani ya zo ya ce darajarta miliyan 9 ce, kai kuma kashi biyu cikin uku ka biya wa inshora. Idan takardar na da sharaɗin biya gwargwadon darajar da aka bayyana, kuma da yawa suna da shi, kashi biyu cikin uku na gyaran za su ɗauka, wato miliyan 1.2. Daga nan a cire kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowane hatsari, wanda suke kira ekses. Idan an rubuta kashi 10 ne, naira 120,000 ta tafi. Abin da zai shigo hannunka naira 1,080,000 ne, ka cika 720,000 daga aljihu, a kan 150,000 da ka yi tsimi. Garin neman gira an rasa ido.

Ƙara darajar ma ba ta da amfani. Idan mota ta ƙone ƙurmus ko aka sace ta, abin da ya fi ƙanƙanta tsakanin darajarta a kasuwa da adadin da ka rubuta shi ake biya. Yadda farashin motoci ke tashi a 'yan shekarun nan, adadin bara ba zai yi maka aiki bana ba, don haka duk sabuntawa ka leƙa wajen dillalan mota ka ji farashin irin taka kafin ka sa hannu.

Ba lallai ne duka shidan su samu cikakkiyar inshora ba, kuma nan ne takardar haɗaka ke da daɗi. A ganina, motar da in ta tsaya kasuwancin ya tsaya, ko wadda ake bin ka bashinta, ita ta cancanci cikakkiya. Tsohuwar da kuɗin gyaranta bai fi ƙarfinka ba, a bar ta a ta dole, ka ajiye bambancin a asusun gyara. Duk a takarda ɗaya ake rubuta su, kowace da irin tata.

Akwai abubuwan da mutane ke zaton suna ciki alhali ba sa ciki. Kayan da ke cikin mota na farko: inshorar mota ba ta biyan burodi ko fulawar da ta lalace, wannan inshorar kaya a kan hanya ce, daban ake sayenta. Ga burodin yini ɗaya ƙila ba ta cancanci kuɗinta ba, amma idan motocin na ɗauko buhunan fulawa da sukari, a yi lissafi. Direba da kwandasta ma ba fasinja ba ne a idon takardar, sai an yi musu tasu ta hatsarin ma'aikata. Ɓarnar zanga-zanga da tarzoma, da ta ambaliya, galibi sai an ƙara su da ɗan kuɗi. Lalacewar inji ko giya don tsufa ba hatsari ba ne, ba a biya. Sai kuma wanda ya fi ciwo: direban da ka ba makulli da hannunka ya gudu da mota. Takardu da dama ba sa ɗaukar wannan a matsayin sata da suke biya, don haka ka tambaya tun yanzu, kuma kada ka saki al'adar karɓar mai tsaya wa direba.

Tunda an zo kan direbobi, ka nemi takardar ta ce duk direban da ka ba izini kuma yake da lasisi mai aiki, maimakon ta lissafa sunaye, domin direbobin haya yau suna nan gobe sun koma wani gida. Ka ajiye kwafin lasisin kowa a fayil, ka rubuta ranar ƙarewarsa a bangon ofis. Lasisin ya zama na rukunin da ya dace da motar haya. Wasu kamfanoni na ƙara ekses idan direba matashi ne ko sabon hannu, ka duba wannan layin. Yaron mota da aka ba sitiyari don ya juya ta a tasha, idan ya daki wani abu, kai za ka biya.

Wajen biya, ƙa'idar ita ce ba kuɗi ba kariya: sai kuɗin ya shiga hannun kamfani ko dillalin inshora mai lasisi sannan kariya ta fara, alkawarin wakili ba ya tsaya maka. Ka tura kuɗin asusun kamfani, ba asusun mutum ba. Bayan kwana biyu ka duba lambar kowace mota ɗaya bayan ɗaya a askniid.org, ko ka danna `*565*11#` a waya. Wadda ba ta fito ba, ka koma musu a ranar. Tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken inshorar dole, kuma takardun bogi da ake sayarwa a bakin ofisoshin lasisi suna da yawa. Idan kana da damuwa ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, masu lasisin NAICOM irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, suna yin wannan tsari na motoci da yawa, kuma sharuɗɗan da na lissafa duk suna aiki a can ma.

Idan ka sayi mota ta bakwai a tsakiyar shekara, ba ta shiga da kanta. Sai ka rubuta musu, su ƙara ta a jadawali, ka biya na watannin da suka rage, kafin ta hau titi. Wadda ka sayar kuma ka sa a cire ta, ka nemi ragowar kuɗinta.

Ranar da hatsari ya faru, direba ya ɗauki hoton motocin a inda suke tare da lambobinsu, ya karɓi lambar wayar shaidu, kuma kada ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya, ko da jama'a sun taru suna cewa a yi sulhu. Sulhun bakin titi yana ɓata haƙƙin kamfani na bin ɗaya ɓangaren, kuma suna iya fakewa da shi. Ka sanar da su a rubuce a ranar, kada ka jira ƙarewar wa'adin da takardar ta bayar. Idan akwai rauni, rasuwa ko sata, sai da rahoton 'yan sanda. Bakanike ya rubuta kiyasin gyara, amma kada ya kwance ko da ƙusa ɗaya sai injiniyansu ya gani ya amince. Wannan jiran shi ne ke ƙona ran mai bas, domin kowace rana balas ke tafiya, kuma ba a biyan kuɗin ranakun da mota ta yi a ajiye. Shi ya sa tun wajen ciniki za ka tambaya ko suna da injiniya a Kano, da kuma kwana nawa yake ɗauka kafin ya zo duba mota, su rubuta maka amsar a takardar tayin da za su ba ka.